Zanen rahotonmu ya nuna ninki uku, alƙaluma kuwa ba su ce haka ba

Assalamu alaikum Anti. Wata bakwai ke nan da na fara aiki a wata ƙungiya mai tallafa wa ƙananan asibitocin karkara. An ba ni rahoton shekara in duba kafin a aika wa masu ba mu tallafi ranar Alhamis, kuma sunana zai fito a matsayin wadda ta duba. Akwai zane a ciki da ke nuna awon ciki na wata uku-uku: 412, 430, 441, 455. Amma a ido sandar ƙarshe ta kusa ninka ta farko sau uku, har shugabarmu ta faɗa a taro cewa awo ya ninka uku. Ga launuka barkatai, ga wani jan layi na haihuwa ya ratsa ta kai, ba a rubuta me ake ƙirgawa ba. Wanda ya yi zanen aminin mahaifina ne, shi ya samo mini aikin, Baba nake ce masa. Idan na yi shiru na ci amana, idan na yi magana kamar na ce ya yi ƙarya. Na haɗo hoton zanen. Yaya zan yi?

Ƙanwarki, daga Gusau

Wa alaikumus salam ƙanwata. Na buga hoton da kika aiko a takarda, na ɗora masa rula, kuma abin da idonki ya gaya miki gaskiya ne. Amma kafin mu zo kan yadda za ki tunkari Baba, ina so ki fara sauke wani nauyi daga ranki, domin ina kyautata zaton ba shi ya yanke wannan ma'auni da hannunsa ba.

Dubi lambobin da ke jere a gefen hagu, daga ƙasa zuwa sama. Ba daga sifili suka fara ba, daga 390 suka tashi suka tsaya a 460. Ke nan sandar farko ba tsayin 412 take nunawa ba, abin da ya ɗaru a kan 390 kawai take nunawa, wato 22. Ta ƙarshe kuma 65. A takardar da na buga, tsayin ma'aunin santimita 7 ne, sai sandar farko ta zo milimita 22, ta ƙarshe milimita 65. Raba 65 da 22, za ki samu kusan uku. Ga inda ninki ukun shugabarku ya fito. Ƙarin na ainihi kuwa 43 ne a kan 412. Ki rubuta wannan a kowane gida na Excel ki gani:

```
=(455-412)/412
```

Zai ba ki 0.104, wato kashi 10 cikin ɗari da ɗan ɗoriya. Zane ya nuna ƙarin kusan kashi 195, lissafi ya ce kashi 10. Wani masanin ƙididdiga ɗan Amurka, Edward Tufte, ya kawo wannan gwaji tun 1983: a raba girman canjin da ido ke gani da girman canjin da ke cikin alƙaluma, idan zanen ya faɗi gaskiya amsar za ta tsaya kusa da ɗaya. Naku ya kai kusan 19.

Abin da ya sa na ce ki kyautata wa Baba zato shi ne, Excel da kansa yake yin wannan. Idan lambobin da aka ba shi sun yi kusa da juna, har tazarar da ke tsakanin babba da ƙarami ba ta kai kashi ɗaya cikin shida na babban ba, sai ya bar sifili ya zaɓi wani wuri kusa da ƙaramar lambar ya fara daga nan. Tazararku 43 ce, kashi ɗaya cikin shida na 455 kuwa ya haura 75, don haka manhajar ta yanke gindin sandunan ba tare da ta tambayi kowa ba. Da mutum ne ya zauna da niyyar kumbura sakamako, da ya fi yiwuwa ya zaɓi 400, lamba mai daɗin faɗa. Wannan 390 ɗin ta fi kama da zaɓin na'ura. Na ga ma'aikata masu gaskiya da yawa sun miƙa irin wannan zane, sun ga ya yi kyau, ba su taɓa kallon lambar ƙasa ba. Saboda haka maganar da za ki kai masa ba ta ƙarya ba ce, ta gyaran saiti ce, kuma wannan kaɗai ya rage rabin wahalar.

Sai dai rashin mugun nufi ba ya wanke zanen. Sanda da tsayinta take magana. Mai karatu ba ya tsayawa karanta ƙananan lambobin gefe, yana ganin wannan ta fi waccan tsawo sau uku ya riga ya yanke hukunci. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima, kuma a nan kimar aka ɓata masa. Kamar a jera yara huɗu a bayan katanga ne, ana ganin kawunansu kaɗai, a ce a faɗi wa ya fi wa tsawo da nawa. Shi ya sa zanen sanduna dole ya tashi daga sifili. Gyaran ba ya cin minti ɗaya: ki danna lambobin gefen da maɓallin dama, ki zaɓi Format Axis, a ƙarƙashin Bounds ki sa 0 a gidan Minimum. Idan ma'aunin ya koma daga 0 zuwa 500 a wannan santimita 7 ɗin, sandar farko za ta kai kusan milimita 58, ta ƙarshe 64. Bambancin milimita 6 ke nan, kuma shi ne girman abin da ya faru.

Na san abin da Baba zai ce da zarar ya gani: ai yanzu ba a ganin ci gaban, duk sandunan sun zama ɗaya. Kada ki yi saurin ture wannan magana, tana da gaskiyarta. Mutanen da suka yi shekara suna bin ƙauyuka suna roƙon mata su zo awo suna da haƙƙin a ga guminsu. Akwai hanyoyi biyu na halal. Ta farko, a bar sanduna daga sifili, a rubuta lambar kowace a kanta, sannan kan zanen ya faɗi ƙarin da baki. Ta biyu, a bar sanduna a koma zanen layi mai ɗigo huɗu. Shi layi hawa da sauka yake nunawa, ba tsayi daga ƙasa ba, don haka an yarda ya fara daga 390 ko 400, matuƙar lambobin gefe sun fito sarai kuma an rubuta a ƙasa cewa ma'aunin bai fara daga sifili ba. Ni dai ta farkon zan zaɓa a rahoton da za a aika wa masu ba da kuɗi, domin mai sauri ne zai karanta, kuma layi mai tsananin hawa shi ma yana iya sa mutum ya ce ninki uku.

Yanzu jan layin nan. Da na duba da kyau, sai na ga yana da nasa ma'aunin daban a gefen dama, daga 90 zuwa 105, kuma shi ma ba a rubuta masa suna ba. Lambobinsa suna tsakanin 96 da 104. A takarda ya bi ta saman sandunan, har wanda bai sani ba zai ɗauka haihuwa a asibiti ta kai yawan awo ko ta fi. Alhali 104 a kan 455 bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba. Wannan ya fi yanke gindin sanda damuna, domin ya rufe ainihin abin da ya kamata shugabarku da masu tallafi su gani, wato tazarar da ke tsakanin zuwa awo da haihuwa a asibiti. Duk lokacin da zane ya ɗauki ma'auni biyu, hagu da dama, inda layi zai haɗu da sanda ya dogara ne kawai ga lambobin da aka zaɓa wa kowane gefe. Ki sauya na dama ya zama daga 0 zuwa 500, layin ya faɗo ƙasa ya kwanta. Ki raba su gida biyu: zane ɗaya na awo, ɗaya na haihuwa, a jere, kowane da sunansa.

Sauran tarkacen ba sa buƙatar dogon bayani.   Kowace sanda da launinta, alhali abu ɗaya suke ƙirgawa, don haka launi ɗaya ya isa, in kina so ki ƙara wa ta ƙarshe duhu don a lura da ita. Akwatin bayanin launuka da ke gefe ba shi da sauran aiki idan launi ɗaya ne. Layukan da suka gitta bayan zanen, in an riga an rubuta lamba a kan kowace sanda, su ma a cire ko a dusashe su. Gwajina a nan mai sauƙi ne: ki ɗauki abu ɗaya ki goge, ki tambayi kanki ko an rasa wani bayani. In ba a rasa ba, dama nauyi ne. Sannan ki yi masa fotokwafi baƙi da fari ki duba, domin haka rahoton zai isa hannun jami'in lafiya na ƙaramar hukuma, kuma ja da kore sukan koma toka iri ɗaya.

Inda nake so ki fi daɗewa shi ne abin da ba a rubuta ba, don a nan ne sunanki na mai dubawa zai yi nauyi. Kin ce awon ciki 455. Me aka ƙirga? Mata 455 ne, ko zuwa 455? Mace ɗaya tana iya zuwa sau uku cikin wata uku. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar mai ciki ta sadu da ma'aikacin lafiya aƙalla sau takwas kafin ta haihu, a maimakon huɗu na da. Ke nan idan jimillar zuwa aka ƙirga, lambar tana iya hawa ba tare da an samu sabuwar mace ko ɗaya ba, matan da ke zuwa ne suka ƙara yawan dawowa. Wannan ma nasara ce, amma wata nasara ce daban, kuma ita ce za ta nuna ko kwatanta 104 da 455 da na yi a sama yana da ma'ana ko babu. Rajistar awo tana raba masu zuwan farko da masu dawowa. Ki koma ga takardar da aka kwaso lambobin ki ga wane layi aka ɗauka, sai a rubuta shi a gefen ma'auni da kalmomi: yawan matan da suka zo awon farko, ko jimillar zuwa awo.

Tambaya ta biyu, asibiti nawa? Ban san amsar ba sai kin duba, amma ga dalilin tambayar. A ce a wata ukun farko asibiti biyar kuke tallafa wa, a na ƙarshe an ƙara ɗaya sun zama shida. 412 a raba biyar ya haura 82 a kowane asibiti. 455 a raba shida bai kai 76 ba. Jimilla ta hau, amma kowane asibiti ya ragu. Zane ba zai taɓa gaya miki wannan ba sai an rubuta adadin asibitocin a ƙasansa. Haka kuma ki duba layin kwance na ƙasa. A hoton an rubuta 1, 2, 3, 4 kawai, babu wata babu shekara. A sa Janairu zuwa Maris, Afrilu zuwa Yuni, har ƙarshe, da shekarar. Ki tabbata kowace sanda wata uku cikakku ta ɗauka, babu wadda aka cusa wa wata huɗu ko wadda rahoton watan ƙarshenta bai iso ba. In kuna da lambobin bara, ki leƙa su, domin zuwa asibiti a karkara yana bin damina da rani, kuma kwatanta ƙarshen bana da ƙarshen bara ya fi kwatanta shi da farkon bana adalci.

Kan zanen yanzu kalma biyu ce, awon ciki. Ki mayar da shi jimla mai faɗin sakamako, misali: zuwa awo ya ƙaru da kashi 10 cikin ɗari daga farkon shekara zuwa ƙarshenta. A ƙasa kuma layi ɗaya ƙarami da ke faɗin inda lambobin suka fito da ranar da aka kwaso su. Idan kin gama, ki miƙa wa wani wanda bai san aikin ba, ko direban ofis ko ƙanwarki a gida, ki ba shi daƙiƙa goma, ki karɓe, ki tambaye shi me ya gani. In ya ce awo ya ɗan ƙaru, zanen ya yi aikinsa.

To, sai Baba. Kada ki fara da shugaba, kada kuma ki yi maganar a gaban kowa, ko a zauren sada zumunta na ofis. Mutumin da ya girme ki, ya kuma tsaya miki, ya cancanci ya ji daga bakinki shi kaɗai. Kada kuma ki gyara a ɓoye ki aika, ko da kina da ikon yin haka. Ranar da ya buɗe rahoton ya ga an sauya aikinsa ba da saninsa ba, abin zai fi masa ciwo fiye da duk wata magana da za ki faɗa masa ido da ido. Ki je gobe da safe, kada ki bari sai Laraba da yamma lokacin da kowa ke cikin gaggawa. Ki riƙe takarda biyu, nasa da wanda kika gyara, ki gaishe shi yadda kika saba, sannan ki ce wani abu kamar haka: Baba, ina duba rahoton ne na ga Excel ya fara ma'aunin nan daga 390, shi ya sa Hajiya ta ɗauka ninki uku ne. Na gwada mayar da shi sifili, don Allah duba mini ko na yi daidai. Sai ki yi shiru ki bar shi ya kalla. Ba ki yi ƙarya ba, ba ki kuma ɗora masa laifi ba, kin ba shi damar ya zama shi ne ya amince da gyaran. Tambayar mata ne ko zuwa, da ta adadin asibitoci, shi ya fi ki sanin amsarsu, don haka ki yi su a matsayin mai neman sani, domin haka ɗin ne. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba, kuma dattijo ya san wannan tun kafin a haife ki. Ki kuma roƙe shi ainihin fayil ɗin Excel, saboda in hoto aka manna a cikin rahoton ba za a iya taɓa ma'auninsa ba.

Ki tuna da shugabarku ma. Ita ta riga ta furta ninki uku a gaban mutane, kuma da zuciya ɗaya ta faɗa, abin da aka nuna mata ta karanta. Idan rahoton ya tafi haka, wani a ofishin masu tallafi zai ɗora lambobin teburi kusa da zanen, ya ga 412 da 455, daga nan kuma zai fara shakkar kowane shafi, har da waɗanda ba su da aibu. Ita za a kira a tambaya. Don haka tana buƙatar ta sani kafin Alhamis, kuma ya fi kyau Baba ne zai gaya mata, ko ku shiga tare. Ki ba shi wannan zaɓin. Kashi 10 cikin ɗari a shekara ɗaya, in lambobin sun tabbata, abu ne da za ta iya tsayawa a kai ko'ina ba tare da gabanta ya faɗi ba.

Idan kuma ya ƙi fa? Yana iya cewa haka ake yi kullum, ko masu tallafi sun fi son ganin hawa. Kada ki ja da shi a ranar. Ki kawo tsaka-tsaki: zanen layi da na ambata, da lambobi a kan kowane ɗigo, da bayanin cewa ma'aunin bai fara daga sifili ba. Ko a cire zanen gaba ɗaya, domin lambobi huɗu ba su da yawan da sai an zana su, ƙaramin teburi da jimla ɗaya sun wadatar. In duk ya ƙi, to aikin da aka ba ki shi ne dubawa, kuma mai dubawa yana mayar da abin da ya gani ga wanda ya sa shi. Ki gaya wa Baba tukuna cewa za ki rubuta, don kada ya ji a bakin wani. Sannan ki aika wa shugaba gajeren saƙo, ba sunan kowa a ciki: shafi kaza, ma'auni ya fara daga 390, ƙarin ainihi kashi 10 ne, ga gyararren zane na haɗo. Hukunci nata ne. In ta zaɓi a bar shi yadda yake, kina da damar ki roƙa cikin ladabi a cire sunanki daga wannan shafi. Ba na tsammanin za a kai nan, amma gara ki san inda iyakarki take kafin ki ƙwanƙwasa ƙofa.

Abu ɗaya da ba zan ba ki shawara ba shi ne sa mahaifinki a ciki. Magana ce ta ofis, ƙarama, kuma da zarar ta shiga gida ta zama ta zumunci, wadda ta fi wuyar ɗinkewa.

Tunda rahoton yana hannunki har Alhamis, ki bi sauran zane-zanen da ke ciki da wannan ido. A kowanne ki fara da lambar ƙasa ta gefen hagu, ki leƙa dama ko akwai ma'auni na biyu, ki karanta layin kwance ki ga ko tazarar lokaci ɗaya ce, sannan ki ɗauki lamba biyu ki gwada su da teburin da ke cikin rahoton. In akwai zanen da'ira da aka yayyanka, ki tara kasonsa ki ga ko ya cika ɗari. Duk abin da kika samu ki haɗa shi a zama ɗaya da Baba, kada ki riƙa komawa kullum da sabon gyara. Ki rubuto mini bayan Alhamis in ji yadda kuka yi, musamman amsar ko mata aka ƙirga ko zuwa. Allah ya ba da sa'a, ya kuma bar zumunci.

Antinki